Giram 30 a gaban gwangwani, giram 21 a cikinsa: yadda ake karanta jadawalin garin furotin

Garin furotin da ƴan sandunan furotin masu kama da cakulan sun fara bayyana a wasu farmasi da kantunan Damagaram, kuma matasan da ke ɗaga ƙarfe su ne suka fi tambayarsu. Wasu kayan ta hanyar Kano suke shigowa da rubutun Ingilishi, wasu kuma daga arewa ko daga Yamai da rubutun Faransanci da Larabci, amma duk abu ɗaya suka fi ƙawatawa, wato babbar lambar da ke gaban kwali, wadda ke cewa giram 20 ko 25 ko 30 na furotin. Wannan lamba ba lalle ta zama ƙarya ba, sai dai ita kaɗai ba ta gaya wa mai saye kome, domin ba ta faɗi cikin giram nawa na gari aka same ta ba, ba ta faɗi yadda aka auna ta ba, ba ta kuma faɗi wane irin furotin ne ba. Amsoshin nan suna bayan kwali, cikin ƙaramin jadawalin sinadarai da jerin kayan haɗi, kuma lissafin da ake buƙata domin fitar da su bai fi ƙarfin wanda ya saba da cinikin tiya da buhu a Kasuwar Dole ba.

Bari mu ɗauki gwangwani biyu na misali, waɗanda na tsara lambobinsu da farashinsu domin lissafi ya fito fili, kowanne da nauyin giram 900. Na farko ya rubuta giram 30 na furotin a gabansa, ana sayar da shi jika 20. Na biyu ya rubuta giram 23, ana sayar da shi jika 26. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauki na farko ba tare da wata shakka ba, tunda ya fi yawa kuma ya fi araha. To amma a saman jadawalin akwai layin da ke faɗin awon sha ɗaya, kuma kamfanin ne da kansa yake yanke girman wannan awo. A gwangwani na farko awon sha ɗaya cokali biyu ne na robar da ke ciki, giram 60, a na biyu kuwa cokali ɗaya ne, giram 30. Idan aka raba 30 da 60 za a ga cewa rabin garin farko ne kawai furotin, wato kashi 50 cikin ɗari, alhali 23 cikin 30 ya kusa kashi 77. Gwangwani na farko sha 15 ne, jimillar furotinsa giram 450, na biyu sha 30 ne, jimillarsa giram 690. Da aka raba kuɗi da wannan jimilla, giram ɗaya na furotin ya tashi kimanin sefa 44 a na farko, kimanin sefa 38 a na biyu, ma'ana mai tsadar shi ne mai arahar.

Kayan da aka yi wa kasuwar Tarayyar Turai sun sauƙaƙa wannan aiki, domin dokarsu ta 2011 kan bayanin abinci ta wajabta a rubuta adadi a kan kowane giram 100, saboda haka lambar da ke layin furotin ita ce kason kai tsaye. Kayan da suka bi tsarin Amurka kuwa awon sha ɗaya suke bayarwa, dole mai saye ya yi rabon da kansa. Sanin iyakar abin da zai yiwu yana da amfani a nan. Mafi yawan garin ana yin sa ne daga tsararon ruwan da ke rabuwa da madara lokacin da ake yin cuku, a tace shi, a busar. Nau'in da ake kira konsantire ba ya wuce kusan kashi 80 na furotin, wanda aka ƙara tacewa, izola, yakan kai kashi 90 kafin a zuba masa koko da kayan zaƙi, waɗanda ke sauko da shi kaɗan. Don haka gari mai ɗanɗanon cakulan da ya ce yana da giram 29 cikin awon giram 30 ya faɗi abin da masana'anta ba ta iya yi, kuma wanda ya sauka zuwa kashi 50 ya cika sauran da wani abu, galibi maltodekstirin, wato sitaci da aka farfasa, wanda ba shi da tsada.

Mataki na gaba shi ne a tambayi jadawalin ko ya yarda da kansa. Giram ɗaya na furotin yana ba da kalori 4, giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4, giram ɗaya na mai kalori 9. Gwangwaninmu na farko ya rubuta furotin 30, sitaci da sukari 24, mai 3, wato 120 da 96 da 27, jimilla kalori 243, kuma idan abin da aka buga a saman jadawalin yana kusa da haka, to ɓangaren nan ya daidaita. Ƙaramin saɓani ba laifi ba ne, saboda ana cike lambobi, kuma harzar abinci da kayan zaƙi irin su maltitol ba su kai kalori 4 ba. Haka kuma ana tara nauyi: 30 da 24 da 3 sun ba da giram 57 cikin 60, saura giram 3 na danshi da gishirin ma'adinai, abin da ya ɗan yi kaɗan amma ba a iya cewa ba zai yiwu ba. A riƙe wannan giram 3 a rai, domin shi ne zai tona asirin gwangwanin nan gaba kaɗan.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne yadda ake samun lambar furotin tun daga ɗakin gwaji. Gwajin yau da kullum ba ya ƙirga furotin kansa, sinadarin azot yake aunawa, wanda ake kira naitirojin a makarantun Najeriya. Hanyar da aka fi sani wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Johan Kjeldahl ne ya fito da ita a 1883, kuma ta dogara ga cewa a matsakaici kashi 16 cikin ɗari na nauyin furotin azot ne. Idan aka raba 100 da 16 ana samun 6.25, saboda haka ana auna azot ɗin da ke cikin abinci a ninka shi da 6.25, abin da ya fito a kira shi furotin. Dokar Turai ma da wannan lissafi ta fassara kalmar furotin a kan kwali. A cikin wake ko ƙwai ko nama wannan awo yana kusa da gaskiya, tunda kusan duk azot ɗinsu na furotin ne, amma a cikin garin da mutum ya haɗa da hannunsa gwajin ba ya iya bambance azot ɗin furotin da na wani abu da aka zuba. Mafi munin misalin wannan rauni ya faru a ƙasar Sin a 2008, lokacin da aka zuba melamin, sinadarin da kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa azot ne, a cikin madarar da aka tsarma da ruwa domin ta ci gwaji, jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka rasu bisa ƙididdigar hukuma.

A garin masu motsa jiki ba guba ake zubawa ba, abubuwa ne halattattu masu araha waɗanda ke da azot da yawa, shi ya sa dabarar take da wuyar kamawa. Giram ɗaya na kiriyatin, sinadarin da masu ɗaga ƙarfe ke sha domin ƙarin ƙarfi, irin wanda aka fi sayarwa, yana da kusan kashi 28 na azot, wanda idan aka ninka da 6.25 zai fito a gwaji kamar giram 1.76 na furotin. Giram ɗaya na gilisin, ɗaya daga cikin ƙananan tubalan furotin, yana fitowa kamar giram 1.17, na wani sinadari mai suna taurin kamar giram 0.7, alhali taurin ba ya cikin tubalan da jiki ke gina furotin da su. Yanzu mu koma ga gwangwaninmu na farko, wanda ya yi alfahari a gefensa cewa kowane sha yana da giram 5 na kiriyatin. Idan giram 30 ɗin furotin ne zalla, kiriyatin kuma ƙari ne a kansa, to nauyin zai zama 30 da 24 da 3 da 5, wato giram 62, cikin awon da bai wuce giram 60 ba, kuma ko danshi ba a sa ba. Wannan ba zai yiwu ba, saboda haka an ƙirga azot ɗin kiriyatin a cikin lambar furotin. Giram 5 sau 1.76 ya ba da kusan giram 9, a cire shi daga 30, saura kimanin giram 21. Da wannan sabon adadi nauyin ya koma 21 da 5 da 24 da 3, wato 53, saura giram 7 na danshi da ma'adinai da kayan ƙamshi, wanda ya fi kama da abin da ake samu a gari na gaske. Furotin ɗin gwangwanin baki ɗaya ya sauko daga 450 zuwa kusan giram 315, farashin giram ɗaya kuma ya hau zuwa kusan sefa 63, a gefen sefa 38 na gwangwanin da aka raina.

Dole a yi adalci a nan: kiriyatin abu ne mai amfani ga mai ɗaga ƙarfe, kuma akwai kamfanonin da ke cire azot ɗinsa kafin su rubuta lambar furotin, saboda haka ganinsa a jerin kayan haɗi ba hujja ba ce ta ha'inci. Abin da ganinsa ke wajabtawa shi ne a yi tarin nauyin da muka yi. Akwai kuma shaida ta biyu ga wanda ya samu kwalin da ya buga jadawalin amino asid, wato ƙananan tubalan da furotin ya ƙunsa. A furotin ɗin ruwan madara, tubalin da ake kira lusin yana kai kusan kashi 10 zuwa 11 cikin ɗari, gilisin kuwa bai fi kashi 2 ba. Giram 30 na gaske ya kamata ya nuna lusin kusan giram 3 da gilisin kusan rabin giram. Idan jadawalin ya nuna lusin giram 2 kawai, to furotin ɗin madarar da ke ciki bai wuce giram 20 ba, kome aka rubuta a gaba, idan kuma gilisin ya kai giram 3 ko 4, to ko dai zuba shi aka yi daban, ko kuma an haɗa garin da kolajen. A ganina kamfanin da ya jera gilisin da taurin cikin kayan haɗi sannan ya ƙi buga wannan jadawali ya riga ya ba mai saye dalilin ajiye gwangwaninsa.

Kolajen shi ne ya kai mu ga sandunan furotin, domin a cikinsu ya fi yawa. Furotin ne na gaske, daga fata da ƙashi da jijiyar dabba ake samunsa, shi ne abin da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya huce, kuma masu yin sanduna suna son sa saboda yana taimakawa sandar ta yi laushi ba ta taurare a kan kanta ba. Matsalarsa ita ce cikin tubala tara da jiki ba ya iya ƙerawa, waɗanda dole a same su daga abinci, ba shi da ɗaya sam, wato tiriftofan, sauran ma kaɗan ne a cikinsa. Gwajin azot zai ƙirga shi daidai da furotin ɗin madara ko na ƙwai, amma jikin mai son gina tsoka ba zai amfana da shi daidai da su ba. Jerin kayan haɗi ana rubuta shi ne daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, saboda haka wurin da kolajen ko jelatin ya faɗo yana da ma'ana: idan shi ne na farko ko na biyu, babban kaso na giram 20 ɗin da aka yi talla nasa ne. Wasu kamfanoni sukan haɗa furotin iri uku ko huɗu ƙarƙashin suna guda na gauraye domin gaurayen ya zo farko a jeri, amma a cikin bakan da ke biye da sunan ma tsarin nauyi ake bi, sai a duba wanne ya riga. Ga Musulmi akwai ƙarin dalilin karanta wannan layi, tunda ana yin jelatin da kolajen daga saniya ko kifi ko alade, kuma kwalin da bai faɗi dabbar ba, ba shi kuma da shaidar halal, ya bar tambayar a buɗe.

Tsarin Amurka yana da wata ƴar alama da ke taimakawa kan wannan batu, wadda mutane kaɗan ne suka lura da ita. A gefen dama na jadawalinsu akwai kason buƙatar yini, wanda ga furotin aka gina shi a kan giram 50, kuma kayan da ya yi iƙirarin furotin dole ya rubuta wannan kaso bayan an gyara shi da ingancin furotin ɗin, wato cikar tubalansa da yadda yake narkewa. Sandar da ke da giram 20 na furotin mai cikakken inganci za ta nuna kashi 40. Idan ta rubuta giram 20 amma kason ya tsaya a 24, to kamfanin da kansa ya amsa cewa abin da ya cancanci ƙirgawa giram 12 ne. Kwalayen Turai ba su da wannan gyara, a kansu jerin kayan haɗi ne kawai abin dogaro.

Sai kalmomin talla, irin su "mai yawan furotin", waɗanda mutane ke ɗauka a matsayin shaidar inganci. A dokar Turai ta 2006 kan irin waɗannan iƙirari, ana iya kiran abinci tushen furotin idan kashi 12 na kalorinsa daga furotin yake, ana iya cewa yana da yawan furotin idan ya kai kashi 20. A lura cewa kalori ake aunawa, ba nauyi ba, kuma shingen ba shi da tsawo. Sanda mai giram 50 da ke da furotin 10, sitaci da sukari 22, mai 8, kalorinta 40 da 88 da 72 ne, jimilla 200, kuma 40 cikin 200 kashi 20 ne cif, saboda haka ta cancanci sunan a gaban doka alhali kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin da ke cikinta daga sukari da sitaci da mai yake. Ƙwai biyu dafaffu suna ba da kimanin giram 12 da kalori kusan 150. Abin mamaki shi ne gyaɗa, wadda ke da kusan giram 25 a kowane giram 100, fiye da wannan sanda mai giram 20 a ɗari, ba ta kai shingen kashi 20 ba saboda yawan manta, amma da zarar an matse man aka yi ƙuli-ƙuli sai ta haye shi da nisa. Busasshen wake mai kusan giram 23 a ɗari ya wuce shingen tun farko. Rabon kalorin nan shi ne ma'aunin da ya fi dacewa da sanda: a ninka giram ɗin furotin da 4, a raba da jimillar kalori, wadda ta kai kashi 35 ko 40 ana iya kiranta sandar furotin, wadda ta tsaya a 20 kuwa alawa ce da aka ƙara wa furotin.

Ko a kayan da babu wata dabara a cikinsu, lambar da ke jadawali matsakaici ce, ba awon wannan kwalin da ke hannu ba. Jagorar da Tarayyar Turai ta fitar a 2012 ta yarda da saɓanin kashi 20 sama ko ƙasa ga abincin da furotinsa ke tsakanin giram 10 da 40 a ɗari, da saɓanin giram 8 ga wanda ya haura 40. Saboda haka jayayya tsakanin gari mai kashi 76 da mai kashi 78 ɓata lokaci ce, bambancin da ya cancanci kuɗi shi ne irin na 50 da 77. Cokalin roba ma ba ma'auni ba ne na ƙwarai, domin gari yana danƙarewa a tafiya, cokalin da aka ce giram 30 yana iya ɗebo fiye ko ƙasa da haka, kuma wanda ya auna shi sau ɗaya a kan ƙaramin sikeli ya san abin da yake sha.

Duk wannan lissafi yana aiki ne idan kwalin na wanda ya yi garin ne. A kasuwanninmu, inda ake buɗe babban buhu a ƙulla a leda, kuma inda tsohon gwangwani ke iya komawa kanti da sabon ciki, jadawali yana iya zama daidai a lissafi amma ba ya bayanin abin da ke ciki. Garin da aka ƙulla ba tare da kwalinsa ba, babu hanyar tantance shi da ido ko da harshe, gwaje-gwajen gida da ake yayatawa na kumfa da tafasa kuma ba su raba furotin da gilisin. Abin da mai saye ke iya dubawa shi ne hatimin da ke ƙarƙashin murfi, lambar rukunin da aka buga da tawada tare da ranar ƙarewa, cikakken sunan kamfani da adireshinsa, da lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ga kayan da aka yi wa kasuwar ƙasar, tare da sanin cewa rajista ba ta nufin an auna lusin ɗin kowane gwangwani. Zafin watan Afrilu da Mayu a Damagaram, wanda ke haura digiri 40, ba ya rage azot, saboda haka lambar furotin ba ta canjawa, amma idan gari mai sukarin madara ya daɗe a shago mai rufin kwano yakan yi duhu ya dunƙule, domin sukarin yana haɗuwa da wani tubali mai suna lisin, wanda ya sha bamban da lusin, ya hana jiki amfana da wani ɓangarensa, kuma lisin ɗin nan shi ne tubalin da gero da dawa suka fi ƙaranci, wanda mai cin tuwo da fura ya fi buƙata daga abin da ya saya.